Wa ke duba abin da likita ya rubuta? Bin diddigin magungunan taɓin hankali

A shekarar 2006, cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa 32 na ƙasar Birtaniya suka amince a buɗe katunan maganin marasa lafiyar da ke kwance a ɗakunansu, a ƙidaya abin da ke ciki. An duba katunan mutum sama da 3,000. Abin da aka samu bai yi wa kowa daɗi ba. Kashi 36 cikin 100 an rubuta musu maganin taɓin hankali fiye da iyakar da littafin magunguna na ƙasar ya yarda da ita, kashi 43 kuma an haɗa musu irin wannan magani biyu ko fiye a lokaci guda. Duk abubuwan nan biyu ƙa'idojin aiki sun ce a guje musu sai dai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ba 'yan sanda ne suka yi wannan ƙidaya ba, kuma ba wani aka kai ƙara ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da masana harhaɗa magunguna na asibitocin ne da kansu, ƙarƙashin wani shiri mai suna POMH da Kwalejin Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta kafa a 2005. Irin wannan aiki shi ne bin diddigin aikin asibiti: a ɗauko ƙa'idar da aka yarda da ita, a auna abin da ake yi a zahiri da ita, a gyara inda aka kauce, sannan a dawo a sake aunawa. Ya bambanta da binciken kimiyya. Mai binciken kimiyya yana neman sanin wane magani ya fi. Mai bin diddigi ya riga ya san abin da ya kamata a yi, tambayarsa ita ce ko ana yi.

Magungunan da ake magana a kansu su ne waɗanda ake ba mai cutar sikizofiriniya da makamantanta, mutumin da ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya tsaya kai da fata cewa ana farautarsa. Na farkonsu, kulofiromazin, an fara gwada shi a kan masu taɓin hankali a Faris a 1952. Daga baya aka sami halofiridol, sannan sababbi irin su risfiridon da olanzafin. Suna aiki, kuma sun mayar da mutane da yawa gidajensu da sana'o'insu. Amma kowanne yana da nasa farashi a jiki. Tsofaffin sun fi kawo sandarewar gaɓoɓi, da rawar hannu, da wani irin rashin sukuni da ke hana mutum zama wuri guda. Olanzafin ya yi suna wajen sa ƙiba da tayar da sukari da kitsen jini. Risfiridon kan ɗaga sinadarin furolaktin, har al'adar mace ta rikice ko nono ya riƙa zuba. Da yawansu kuma suna iya taɓa tsarin bugun zuciya.

Dalilin da ya sa yawan magani ya zama abin damuwa yana cikin yadda yake aiki. Galibin waɗannan magunguna suna toshe wasu mashigai ne a ƙwaƙwalwa da sinadarin dofamin ke bi. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa amfani yana samuwa idan an toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na mashigan, illar sandarewa kuma tana ƙaruwa idan an haura wajen kashi 80. Tazarar ba ta da faɗi. Wanda aka ninka wa magani bayan ya kai wannan matsayi ba lallai ya ƙara samun sauƙi ba, amma illa kam za ta ƙaru. Ga kuma wani abu mai nauyi: masu fama da taɓin hankali mai tsanani suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma mafi yawan wannan giɓi daga ciwon zuciya da ciwon sukari da sauran cututtukan jiki yake. Don haka awon nauyi da gwajin jini ba ado ba ne a kan maganin, suna cikin maganin.

Mataki na farko a bin diddigi shi ne tsayar da ma'auni, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Ƙa'ida takan zo da yare mai faɗi, shi kuwa ma'auni dole ya zama jimla ɗaya da za a amsa da i ko a'a ta hanyar duba takarda. "A rubuta magani yadda ya dace" ba ma'auni ba ne, domin mutum biyu za su duba kati ɗaya su ba da amsa biyu. Hukumar NICE ta Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2014 kan sikizofiriniya a manya, ta ce kada a ɗora mutum a kan magani biyu na yau da kullum sai na ɗan gajeren lokaci, kamar yayin da ake sauya masa daga wani zuwa wani. Daga nan ma'auni na farko ke fitowa: kowane mara lafiya yana kan maganin taɓin hankali guda ɗaya, sai wanda ake cikin sauya masa, ko wanda yake kan kulozafin aka ƙara masa wani domin bai samu cikakken sauƙi ba. Ma'auni na biyu: jimillar abin da aka rubuta ba ta wuce iyakar littafin BNF ba, wato littafin magungunan da likitocin Birtaniya ke aiki da shi. Na uku: duk wanda ya wuce iyakar, akwai dalili a rubuce a fayil ɗinsa, kuma an yi masa awon zuciya na inji.

Ana iya ƙara na huɗu kan lafiyar jiki. Ƙa'idar ta NICE ta nemi kafin a fara magani a auna nauyi da faɗin ƙugu da bugun jini da hawan jini, a gwada sukari da kitsen jini da furolaktin. Bayan an fara, a auna nauyi kowane mako na mako 6, a sake a mako na 12, sannan a shekara. Amma ƙungiyar da ta ɗauko ma'auni goma sha biyar a karon farko takan gaji kafin ta gama, kuma rahotonta yakan yi yawan da ba wanda zai karanta. Uku ko huɗu sun isa. Kowanne a rubuta masa abin da ake so a kai, yawanci kashi 100, tare da waɗanda aka keɓe, kuma a rubuta su tun kafin a buɗe fayil ko ɗaya. Keɓewar da aka ƙirƙiro bayan an ga sakamako hanya ce ta wanke kai.

Sai lissafin iyaka, wanda shi ne zuciyar aikin. Tun da magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba a tara miligiram da miligiram. Ana mayar da kowanne kashi cikin 100 na iyakarsa ta rana, sannan a tara. Iyakar olanzafin miligiram 20 ce a rana, ta risfiridon 16, ta halofiridol na sha 20, ta kulofiromazin 1,000. Allurar da ke daɗewa a jiki ita ma tana shiga lissafi gwargwadon tazararta: allurar halofiridol mai daɗewa iyakarta miligiram 300 ce duk mako 4, don haka mai karɓar 150 yana kan kashi 50.

A ɗauki misalin wani mutum da aka kwantar, a katinsa akwai olanzafin miligiram 15 kowane dare. Wannan kashi 75 ne, yana cikin iyaka, kuma magani ɗaya ne. Idan mai bin diddigi ya tsaya a shafin farko, zai sa masa alamar cewa komai daidai. Amma a wani shafi na katin akwai wurin da ake rubuta magungunan da ake bayarwa sai idan buƙata ta taso, wanda a kati ake yi wa alamar PRN. A nan, daren da aka kawo mutumin yana fizge-fizge, likitan da ke bakin aiki ya rubuta halofiridol miligiram 5, har sau biyu a rana idan ya tayar da hankali. Miligiram 10 ke nan, kashi 50. Jimilla ta zama kashi 125. Mutum ɗaya, da layi ɗaya da aka rubuta cikin gaggawa, ya faɗi a ma'auni biyu: magani biyu, kuma sama da iyaka.

Za a iya cewa ai ba lallai an ba shi ba. Gaskiya ne, kuma muhawara ce da ake yi. Shirin POMH ya lissafa iyakar abin da katin ya ba da izinin a bayar cikin awa 24, bisa hujjar cewa duk abin da aka rubuta, ma'aikaciyar jinya tana da ikon bayarwa da tsakar dare ba tare da ta sake tambayar kowa ba. Hujja ce mai ƙarfi. Abin da ya fi dacewa shi ne takardar tattara bayanai ta ɗauki duka biyun, abin da aka rubuta da abin da aka bayar, domin kowanne labarinsa daban.

Takardar nan shafi ɗaya ce ga kowane mara lafiya, kuma yadda aka tsara ta ne ke nuna ko aikin zai haifar da wani abu. A samanta ba a sa suna ko lambar asibiti. Ana sa lambar bin diddigi, jerin da ke haɗa lambar da sunan kuma yana kulle a wuri guda a hannun mutum ɗaya. Sai rukunin shekaru, jinsi, ɗakin kwanciya, cutar da aka tabbatar, da ranar da aka kwantar da shi. Tsakiyar takardar jadawali ne: kowane magani layinsa, da sunansa, da yawansa a rana, da hanyar bayarwa, ko na kullum ne ko na idan buƙata ta taso, da kashinsa na iyaka. Ƙarƙashin jadawalin akwai gurbi biyu na jimilla, ɗaya na magungunan kullum kaɗai, ɗaya har da na buƙata. Wannan rabewa mai sauƙi ita ce za ta nuna daga ina matsalar take fitowa. Daga nan sai gurbin sau nawa aka ba da na buƙata a kwana 14 da suka wuce, sai tambayoyin dalili da awon zuciya da gwaje-gwajen jini, kowanne da ranar da aka yi shi.

Amsoshin uku ne kawai: i, a'a, ko bai shafe shi ba. Babu "wataƙila". Doka a nan mai tsauri ce, abin da ba a rubuta ba ana ɗaukarsa ba a yi ba. Ma'aikata sukan ji zafin wannan, domin sau da yawa an auna nauyin, mantawa aka yi a rubuta. Amma likitan da zai karɓi mara lafiyar wata shida nan gaba ba shi da abin dogaro sai takarda, kuma nauyin da ba a rubuta ba ba zai nuna masa cewa mutumin ya ƙara kilo takwas ba. A wajen awon zuciya ma, gara a kwafo lambar da injin ya buga a gaban QTc maimakon a sa alamar "an yi" kawai. Sama da 440 ga namiji ko 470 ga mace abin lura ne, sama da 500 kuwa na buƙatar mataki nan take. Idan mai tattara bayanai ya ci karo da irin wannan, ba ya jiran ranar rahoto, a ranar zai sanar da likitan da ke kula da mutumin.

Kafin a fara gadan-gadan, mutum biyu su cike takardar a kan fayil biyar iri ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan su gwada amsoshinsu. Duk inda suka saɓa, tambayar ce ba ta fito sarai ba, sai a gyara ta. Kuma ba a bar wa shugaban ɗaki ya zaɓo fayilolin da za a duba. A tsayar da rana ɗaya, a ɗauki duk wanda ke kwance a ranar.

A ƙaddara wani ɗaki mai gado 24, a matsayin misali kawai. Ranar ƙidaya, mutum 20 suna kan maganin taɓin hankali. Takwas suna da magani biyu a kati, amma ɗaya ana cikin sauya masa ne, ɗaya kuma yana kan kulozafin da ƙari, saboda haka shida ne suka kauce. Ma'auni na farko ya cika a mutum 14 cikin 20, kashi 70. Bakwai sun haura iyaka, wato ma'auni na biyu ya cika a kashi 65. Cikin bakwai ɗin, uku ne kaɗai ke da takardar awon zuciya. Idan rahoto ya tsaya a nan, taron zai watse da jawabin cewa a ƙara kula, kowa ya koma yadda yake. Amma gurbin jimilla biyu ya nuna cewa biyar daga cikin bakwai ɗin maganin buƙata ne kaɗai ya tsallakar da su, gurbin kwana 14 kuma ya nuna huɗu daga cikinsu ko sau ɗaya ba a ba su ba. Yanzu an ga ainihin abin: layukan da aka rubuta a daren farko ne suka zauna a kati, ba wanda ya tuna ya soke su.

Abin da ya faru a Birtaniya bayan ƙidayar 2006 darasi ne ga duk mai shirin irin wannan aiki. An raba wa cibiyoyin sakamakonsu kowa ya ga matsayinsa a tsakanin sauran, an ba su kayan wayar da kai, har da wani ɗan kati na aljihu da ke taimaka wa ma'aikaci ya mayar da miligiram kashi cikin 100 nan take. Bayan shekara aka sake ƙidaya. Masu haura iyaka sun sauka daga kashi 36 zuwa 34, masu magani biyu daga 43 zuwa 39. Carol Paton da Thomas Barnes da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon a 2008 ba tare da yi masa kwalliya ba: canjin kaɗan ne, kuma a duka zagayen biyu maganin buƙata ne babban dalili. Sun cancanci yabo da suka faɗi hakan a fili. Sakamakon ya nuna cewa sanar da mutane ƙa'ida ba ya sauya ɗabi'ar da ke da tushe a yanayin aiki. Ma'aikaciyar jinyar da za ta kwana da mutum ashirin, wasunsu a fusace, tana son ganin akwai abin da za ta bayar idan dare ya rikice, ƙaramin likita kuma yana rubuta mata don kada a tashe shi. Fosta a bango ba ta amsa wannan tsoro.

Shi ya sa shirin gyara yake buƙatar ya tunkari sababin kai tsaye, da sunan wanda zai yi da ranar da zai gama. A ɗakin misalin nan, gyaran zai iya zama cewa duk maganin buƙata yana ƙarewa bayan kwana 7 sai an sake rubuta shi da dalili. Masanin magunguna ya rubuta jimillar kashi a saman kowane kati kafin zagayen babban likita na mako. Idan dole a rubuta na buƙata, a fara duba ko za a iya amfani da maganin da mutumin yake kai tun farko, cikin iyakarsa. Kuma a zauna da ma'aikatan dare a ji abin da suke buƙata domin su yarda a soke layin, ko ƙarin hannu ne, ko horo kan kwantar da mai fushi da magana, ko tabbacin cewa likita zai zo idan an kira.

Ranar zagaye na biyu ana sa ta ne tun a rahoton farko, yawanci bayan wata 6 zuwa 12, lokacin da gyaran ya isa ya zauna. Ana amfani da takarda iri ɗaya, ma'auni iri ɗaya, da hanyar zaɓe iri ɗaya. Ko abin awon ma sai an kula da shi: iyakar halofiridol na sha a BNF ta taɓa zama miligiram 30 kafin a rage ta zuwa 20, don haka wanda ya lissafa zagaye na farko da tsohon bugu, na biyu da sabo, zai ga lalacewar da ba ta faru ba. A rubuta bugun da aka yi aiki da shi a kan takardar. Kada kuma a sanar da ainihin ranar ƙidaya, domin katunan sukan yi tsaf a makon da aka san za a duba su.

Karanta sakamakon ma yana son natsuwa. A ɗaki mai mutum 20, mutum ɗaya kashi 5 ne, don haka tashi daga 70 zuwa 75 ba ya nuna komai, mara lafiya ɗaya da aka sallama zai iya kawo shi. Gara a rubuta ainihin adadin, 15 cikin 20, kusa da kashin. Sannan a leƙa gefe a ga ko matsalar ƙaura ta yi: idan halofiridol na buƙata ya ragu amma magungunan sa barci irin su dayazifam suka ninka, ko aka ƙara yawan danne marasa lafiya da ƙarfi, ba a ci riba ba. Gurbi biyu a ƙasan takardar sun isa su kama wannan.

Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano suna aiki da irin waɗannan magunguna, kuma hanyar ba ta buƙatar komfuta, takarda da alƙalami da la'asar biyu sun isa ɗaki guda. Abin da ba zai yiwu a kwafo kai tsaye ba shi ne ma'aunin. Inda iyali ne ke biyan kuɗin kowane gwaji daga aljihunsu, ma'aunin da ya ce kowa a yi masa gwajin furolaktin zai ba da sakamakon da aka sani tun kafin a fara, kuma ba zai koya wa kowa komai ba. Jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara fitarwa a 2010 domin wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci, ya fi kusa da wannan yanayi, kuma shi ma ya ce a ba da magani ɗaya a lokaci guda, a fara da kaɗan a ƙara a hankali. Magani ɗaya, jimilla cikin iyaka, nauyi da hawan jini a rubuce, waɗannan sikeli da abin awon jini kawai suke nema.

Akwai kuma gurbi ɗaya da ya dace a ƙara a takardar a irin waɗannan wurare: ko an rubuta benzeksol, wanda aka fi sani da Atan ko Eksol, kuma ko an ga alamar sandarewa a jikin mara lafiyar kafin a rubuta shi. Jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya ba su goyi bayan a riƙa ba da shi ga kowa a matsayin riga-kafi ba, ga shi kuma ƙwaya ce da wasu matasa ke sha don maye. Ma'aunin zai zama cewa duk wanda ke kan benzeksol akwai bayanin illar da ta sa aka ba shi a fayil ɗinsa, da ranar da za a sake duba ko har yanzu yana buƙatarsa.